Mutum nawa zan ɗauka don kwatanta zuma da diresin ɗin da aka saba a gyambon ƙafa?

Dakta Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimako a kan furojet ɗina na kammala horo. Zan kwatanta hanya biyu ta diresin ɗin gyambon ƙafa, ɗaya wadda muka saba yi a asibitinmu, ɗaya kuma da zuma, abin da zan duba shi ne mutum nawa gyambonsu ya rufe gaba ɗaya cikin sati 12. Na rubuta mutum 40 a kowane ɓangare, 80 ke nan, saboda a wata ba ma samun waɗanda suka cika sharuɗɗa fiye da bakwai kuma shekara ɗaya gare ni. Sufabaiza ya dawo min da takardar ya ja layi ƙarƙashin 80 ɗin ya rubuta daga ina wannan ta fito. Wallahi ban da amsa, daga lissafin watanni ta fito. Ya ake yi?

Auwal: Wa'alaikumus salam Anti. Ai wannan mai sauƙi ne, fomular Fisher za ki ɗauka, 1.96 sau 1.96 sau p sau q ki raba da 0.05 sau 0.05. In ba ki san p ba, wato kason da kike zato, ki sa 0.5 zai ba ki 384, sai ki raba biyu 192 kowane ɓangare. Haka muka yi a namu kuma ya wuce ba wanda ya ce komai.

Dakta Zainab: 384 kuma? Innalillahi. Ko shekara huɗu zan yi ba zan tara su ba

Maman Ikram: Dakta wace zumar za ki yi amfani da ita? Don ta kasuwa yanzu rabinta sikari ne aka dafa, kakata da zumar amya take sa wa ƙuna kuma yana warkewa ba tabo. In dai zuma ce ta gaskiya ba sai kin gwada a mutum 300 ba, goma ma sun isa ki gani da idonki.

Dakta Zainab: Maman Ikram zumar za a tantance ta, wannan wani babi ne daban. Matsalar ita ce diresin ɗin da muka saba shi ma yana warkar da mutane da yawa, to in na sa wa goma zuma takwas suka warke ta yaya zan san ba za su warke ba da ma ko da wancan aka yi musu.

Malam Bala: Wa'alaikumus salam. Dakta amsar da kika ba Maman Ikram ita ce tushen lissafin gaba ɗaya, ki riƙe ta. Auwal, lissafinka daidai ne amma na wata tambayar ne. 384 ɗin nan amsar wanda yake son ya san kashi nawa na mutanen gari ke da wata cuta ce, rukuni ɗaya, yana son kada ya kauce wa gaskiya da fiye da maki 5 sama ko ƙasa. Ita kuwa Dakta rukuni biyu gare ta, kowanne da nasa kuskuren, kuma abin da take nema tazarar da ke tsakaninsu. Ka duba fomularka, ina wurin da za ka sa yawan warakar zuma? Babu. Ina wurin da za ka faɗi girman bambancin da kake nema? Babu. Shi ya sa raba 384 biyu ba ya amsa komai, wani lokaci ya yi yawa wani lokaci ya yi kaɗan ƙwarai.

Dakta kafin a taɓa kalkuleta ki ba ni abu biyu. Da diresin ɗin da kuka saba, cikin ɗari mutum nawa ke warkewa a sati 12? Sannan zuma sai ta kai nawa kafin ke da kanki ki ce a canza tsarin asibiti a koma kanta?

Auwal: Malam to fomular Taro Yamane fa? tunda ta san adadin masu zuwa a shekara, 84, in ta sa a Yamane ai zai sauko mata da shi wajen 70

Malam Bala: Ita ma ta rukuni ɗaya ce Auwal. Kuma Dakta ba don waɗannan 84 ɗin kaɗai take binciken ba, so take ta ce wani abu game da duk mai gyambon da zai zo baɗi da baɗin baɗaɗa, to ba wani ƙayyadadden adadi da za a rage da shi.

Dakta Zainab: Malam na duba rijistar ɗakin diresin ta bara. Waɗanda aka bi har ƙarshe su 50 ne, 35 sun warke cikin sati 12, kashi 70 ke nan. Na biyun kuma gaskiya ban taɓa tunaninsa haka ba. In zuma ta kai 85 tabbas zan ce a koma. In 80 ce ma ina ganin zan ce a koma don ta fi arha a wajen marasa lafiyarmu.

Malam Bala: Madalla. Mu fara da 70 da 85, sai mu dawo kan 80 ɗin don can rigimar take.

Akwai lambobi biyu da ake ƙarawa. Ta farko alfa, 0.05, wato in a gaskiya zuma da diresin duk ɗaya ne, kin yarda sau 5 cikin ɗari sa'a ta ruɗe ki ki ce akwai bambanci. Ita ke kawo 1.96. Ta biyu fawa, ita ce mutane suka fi mantawa. A ce gaskiyar a wurin Allah 70 da 85 ce, kuma likitoci ɗari kowa ya yi irin bincikenki a nasa asibitin. Ba duka za su ga bambancin ba, wani zai ci karo da masu taurin gyambo sun taru a ɓangaren zuma. Fawa 80 na nufin kin ɗauki mutanen da za su sa 80 cikin likitocin nan ɗari su kama bambancin, 20 ya kuɓuce musu. Ita ke kawo 0.84. Ga fomular, n na kowane ɓangare ne ba jimla ba:

```
n = [1.96*sqrt(2*p*q) + 0.84*sqrt(p1*q1 + p2*q2)]^2 / (p1 - p2)^2
```

p1 0.70, q1 abin da ya rage 0.30. p2 0.85, q2 0.15. Shi p marar lamba tsakiyar su biyun ne, 0.775, q ɗinsa 0.225.

Ɓangaren farko: 2 sau 0.775 sau 0.225 ya ba da 0.34875, sikwaya rut ɗinsa 0.5906, sau 1.96 ya zama 1.1575. Ɓangare na biyu: 0.70 sau 0.30 shi ne 0.21, 0.85 sau 0.15 shi ne 0.1275, a haɗa 0.3375, rut ɗinsa 0.5809, sau 0.84 ya zama 0.488. Ki haɗa su biyun 1.6455, ki ninka shi da kansa kusan 2.71. A ƙasa kuma 0.15 sau 0.15, 0.0225. 2.71 a raba da 0.0225 ya ba da 120 da ɗoriya, kullum sama ake cikawa, 121. Mutum 121 zuma, 121 diresin, jimla 242.

Dakta Zainab: Na bi da kalkuleta na samu 120.3, daidai ne? To Malam 242 da 80 ai ko kusa ba su yi ba. In na tsaya a 40 da 40 ɗin me zai faru takamaimai, don in san abin da zan gaya wa sufabaiza

Malam Bala: Daidai ne, ɗan bambancin daga yanke lambobi ne, duk 121 ake zuwa. Bari in nuna miki abin da zai faru da 40. A ce komai ya tafi yadda kike fata ba ko kuskure, ɓangaren diresin 28 cikin 40 suka warke, kashi 70 cif, ɓangaren zuma 34 cikin 40, kashi 85 cif. Kika sa a kwamfuta kika yi kai-sikwaya, p zai fito wajen 0.11. Bai sauka ƙasa da 0.05 ba. Tazarar da kika gani maki 15 ce amma iyakar da za ki iya rantsuwa a kanta ta taso daga zuma ta gaza diresin da maki 3 har zuwa ta fi shi da maki 33. Kin ga abin tausayin, zuman ta yi aikin da kika ce, ke kin yi wahalar shekara, marasa lafiya sun yi ta zuwa duk sati, amma a babin ƙarshe za ki rubuta ba a samu bambanci ba, wani ya karanta ya ce an gwada zuma a asibiti ba ta da amfani.

In aka juya fomular, fawar 40 da 40 a kan 70 da 85 kashi 36 ce. Wato sau biyu cikin uku kusan za ki rasa shi alhali yana nan. Ko 60 da 60 kika yi kashi 50 ce, daidai da jefa kwabo. Da mutum 40 sai zuma ta kai wajen kashi 94 sannan ki sami fawa 80.

Dakta Nura: Zainab kar ki bari a tsorata ki. Mu da muka riga ku wucewa mun san yadda ake yi. Ki nemo pepa ɗaya da ta samu 95 a zuma ki sa ta a matsayin p2, 70 da 95 zai ba ki 36 kowane ɓangare, ki ƙara kashi 10 na waɗanda za su ɓace, ga 40 ɗinki ta fito da hujja. Ko kuma ki yi tes mai gefe ɗaya tunda ke zuma kike zaton ta fi, 1.645 maimakon 1.96. Ba ina cewa a yi ƙarya ba, amma mutum yana da shekara ɗaya da kuɗin aljihunsa, dole a duba halin da yake ciki

Malam Bala: Dakta Nura lissafinka na 36 daidai ne, kuma na san halin da ake ciki, ba na raina shi. Amma lambar da ka rubuta a furofozal ba ta canza yadda gyambo ke warkewa. In ta rubuta 95 alhali gaskiyar 85 ce, fawarta tana nan a kashi 36 ɗin da na faɗa, takarda ce kawai ta ce 80. p2 ba hasashen mafi kyawun abin da zai iya faruwa ba ne, shi ne mafi ƙanƙantar ribar da in ta kuɓuce mata za ta ji takaici. Kuma ƙaramin binciken da ya fito da babban sakamako, sau da yawa sa'a ta taya shi, shi ya sa ma ya samu fitowa, wanda ya gina a kansa yakan sami ƙasa da haka.

Gefe ɗaya kuwa, eh yana saukar da 121 zuwa 95. Sharaɗinsa ta amince tun yanzu cewa in zuma ta fito ta fi muni, ba za ta iya cewa komai a kai ba face ba ta fi ba. A abin da ake sa wa mutum a buɗaɗɗen ciwo ni ba zan yarda da wannan ba, kuma 95 ɗin ma ba ta kai ta 40 ba.

Dakta Nura: Ni fa ban ga laifin gefe ɗaya ba in an faɗa tun farko a furofozal, akwai manyan bincike da ke yin haka. Amma na yarda ba ya warware mata matsala.

Dakta Zainab: Malam ka ce za mu dawo kan 80

Malam Bala: Toh. 70 da 80, fomula ɗaya, ki gwada da kanki da cikakkiyar lambar fawa 0.8416 maimakon 0.84 za ki samu 294 kowane ɓangare, 588. In kuma 70 da 75 ne, 1251 kowane ɓangare. Dalilin yana ƙasan fomular, tazarar ana ninka ta da kanta ne, don haka in kika rage ta rabi mutanen da kike buƙata sun ninka kusan huɗu. Daga maki 10 zuwa maki 5, 294 ya koma 1251. Wannan lamba ɗaya ta fi duk sauran tasiri, shi ya sa na fara da tambayarki ita.

Sai kuma 70 ɗin kanta. Daga mutum 50 kika samo ta, kuma 35 cikin 50 na iya fitowa ko gaskiyar 60 ce ko 80. In 60 ce kina neman ƙarin maki 15 ɗin dai, 152 kike buƙata. In 80 ce, 76. Duk lokacin da kason ya matso kusa da rabi da rabi mutanen na ƙaruwa. Ni da ni ne zan sa wa sufabaiza ɗan tebur ya ga duka ukun, in ce na zaɓi 70 don ita rijistarmu ta nuna.

Sista Rabi: Dakta ki yi haƙuri in sa baki, shekarata goma sha ɗaya a ɗakin diresin. Kin ce waɗanda aka bi har ƙarshe 50 ne, to nawa suka fara? Don mu mun san masu gyambo, mutum zai zo sati uku huɗu da ya ga ya fara kamewa shikenan ba za ki sake ganinsa ba, wani kuma da ya ga ba ya ci gaba sai ya koma na gida, wani kuɗin mota ne ya ƙare musamman na ƙauye, in damina ta faɗi kuwa rabin manoma gona suke. 70 ɗin nan taki ta masu naci ce kawai

Dakta Zainab: Sista Allah ya saka, ban ƙirga su ba wallahi. Na koma na duba yanzu, 59 suka fara, tara sun ɓace.

Auwal: Wannan kam na san shi, tara cikin 59 kusan kashi 15 ne, sai a ƙara kashi 15 a kan 121 ya zama 140

Malam Bala: Ka kusa Auwal. Gwada ka gani, in ka ɗauki 140 kashi 15 suka ɓace saura 119, ka gaza 121. Rabawa ake yi, 121 a raba da 0.85, ya ba da 143 kowane ɓangare, 286 jimla. A nan bambancin mutum uku ne kacal, amma in masu ɓacewa sun kai kashi 30 za ka ga ya buɗe.

Sai dai maganar Sista ta fi wannan zurfi. Ƙarin mutane yana cike yawa ne, ba ya gyara dalilin ɓacewar. A ce zuma tana yi wa wasu zafi suka daina zuwa, waɗanda suka rage a ɓangarenta su ne waɗanda ta karɓa, sai ta fito kamar ta fi alhali an tace ta ne. Ko mutum dubu kika ɗauka wannan karkatar tana nan. Dole tun yanzu ki rubuta me za ki yi da wanda ya ɓace. In za ki lissafa shi a matsayin bai warke ba, to p1 ɗinki ba 70 ba ce, 35 cikin 59 ce, wajen 59, kuma lissafin ya koma kusa da 152 ɗin can, ba kuma sai kin sake raba shi da 0.85 ba tunda kowa na cikin ƙirga.

Sista Rabi: Amma Malam ba adalci a ce duk wanda ya ɓace bai warke ba, da yawansu warkewar ce ta hana su dawowa, ina haɗuwa da su a kasuwa suna tafiya garau. Gara ta karɓi lambar waya biyu ta mara lafiya da ta ɗan uwansa, sati na 12 a kira ko a turo hoton ƙafar

Malam Bala: Gaskiyarki Sista, kowace hanya aka bi akwai zalunci a cikinta, shi ya sa naki maganin ya fi nawa. Duk wanda aka gano ta waya ya fi mutum uku da aka ƙara a fomula.

Hamisu: Malam tunda ana wannan bari in kawo tawa. Ina aikin tattara bayanai a shirin tamowa, ƙa'idar Sphere ta ayyukan agaji ta ce waraka ta wuce kashi 75, masu gudu kada su kai 15. Muna da cibiya biyu, ɗaya ana bin tsarin da aka saba ɗaya an ƙara ziyarar gida, a shekara yara 410 a ta farko 388 a ta biyu, waraka 78 da 86. Tunda mun wuce 294 ɗin da ka faɗa ai zan iya rubuta cewa ziyarar gida ce ta kawo bambancin ko?

Malam Bala: Hamisu yawan ya isa a ce cibiyoyin biyu sun bambanta, bai isa a ce ziyarar ce dalili ba. Cibiya ɗaya da cibiya ɗaya kake da su. Wataƙila ta biyun ta fi kusa da titi, ko ma'aikaciyarta ta fi haƙuri, ko abincin bai taɓa yanke musu ba, duk waɗannan suna tafiya tare da ziyarar ba ka da hanyar raba su. Fomular da na ba Dakta ta ɗauka mutum ɗaiɗai ake jefa wa ƙuri'a. In cibiya ake jefa wa ƙuri'a sai an sami cibiyoyi da dama kowane ɓangare, sannan a ninka n da 1 + (m - 1)*ICC, m yawan yara a kowace cibiya, ICC kuma yadda yaran cibiya ɗaya ke kama da juna a sakamako. Misali yara 30 a cibiya, ICC ɗin a ce 0.02 kawai, 1.58 ke nan, 121 ya koma 192.

Hamisu: To rahoton fa dole in miƙa shi ƙarshen wata, kuma ni a zuciyata na san ziyarar ce don na ga yadda iyaye suka daina gudu

Malam Bala: Ka rubuta abin da ka gani da lambobinsa har da raguwar masu gudu, ka faɗi sauran bambance-bambancen cibiyoyin, ka ce ya cancanci a gwada a cibiyoyi da yawa. Kalmar "shi ya jawo" ce kawai ba ka da ita.

Auwal: Anti wata dabara, ai wasu suna zuwa da gyambo biyu ko uku, in kika ƙirga gyambo maimakon mutum adadin zai hau da sauri

Sista Rabi: A'a Auwal, mai sikari ko mai sikila in ɗaya ya ƙi warkewa ɗayan ma ƙi yake, jiki ɗaya ne jini ɗaya

Malam Bala: Sista ta gama magana, irin matsalar Hamisu ce a ƙaramin sigarta. Mutum ɗaya gyambo ɗaya, ta rubuta tun farko wanne za a ɗauka, misali mafi girma.

Dakta Zainab: Malam na shiga shafin lissafi na OpenEpi na sa 70 da 85 don in samu abin da zan manna a furofozal, sai ya ba ni amsa uku, Kelsey 122, Fleiss 121, Fleiss with CC 134. Wanne ne gaskiya? Kar in sa ɗaya a ce na yi kuskure

Malam Bala: Duka ukun daidai ne. Fleiss ita ce wadda muka yi da hannu. Kelsey 'yar gajeriyar hanya ce, tana amfani da p na tsakiya a ɓangarorin biyu, shi ya sa ta ɗara da ɗaya. Ta ukun an yi mata ƙari ne saboda mutane ba sa rabuwa rabi, ƙirga ake yi ɗaya biyu uku, ita ta dace da wanda zai yi nazari da gyaran Yates ko tes ɗin Fisher, waɗanda suka fi tsauri. Ki zaɓi wadda ta dace da tes ɗin da kika rubuta za ki yi, ki faɗi sunanta. In kina da manhajar R ga shi:

```r
power.prop.test(p1 = 0.70, p2 = 0.85, power = 0.80)
power.prop.test(n = 40, p1 = 0.70, p2 = 0.85)
```

Layin farko zai ba ki n wajen 120.5, na biyu zai ba ki fawar mutum 40, wajen 0.36. In kika sa power = 0.90 a na farkon zai koma 161.

Dakta Nura: Zainab ni akwai abin da kika faɗa tun sama da ba wanda ya ɗauka. Kin ce zuma ta fi arha. To ashe ba sai ta fi ba, in ta yi daidai da diresin ma ai kin ci. Ki yi 40 ɗinki, in ba a samu bambanci ba ki ce ɗaya suke, a koma mai arha

Dakta Zainab: Wallahi abin da ke raina ke nan tun farko

Malam Bala: Rabin farko na maganar Dakta Nura muhimmi ne, wataƙila ma ita ce ainihin tambayarki. Rabin biyun ne ba zai yiwu ba. A ce da 40 da 40 kowane ɓangare 28 suka warke, kunnen doki. Iyakar shakkar ta kai maki 20 kowane gefe, wato zuma na iya zama ta gaza da maki 20 kuma ki ga wannan sakamakon. Wa zai canza wa mara lafiya magani a kan haka? Mai son nuna cewa sabon abu bai gaza tsohon ba sai ya faɗi tun farko gazawa nawa zai iya yafewa. In kin ce maki 10, kuma duka biyun a gaskiya 70 suke, kina buƙatar wajen 330 kowane ɓangare. Nuna cewa ɗaya suke ya fi nuna fifiko cin mutane a nan.

Dakta Zainab: To ni yanzu ina zan sa kaina. 286 a mutum bakwai duk wata watanni 41 ne

Malam Bala: Hanya uku nake gani. Ki haɗa da wasu asibitocin, in kika samu uku masu yawan naku kin kai 28 a wata, amma a kowane asibiti a raba mutane zuma da diresin ta ƙuri'a, kada a ce wannan asibitin zuma wancan diresin, in ba haka ba kin koma gidan Hamisu. Ko ki canza abin da kike aunawa, maimakon ya warke bai warke ba ki auna faɗin gyambon ranar farko da sati na huɗu ki kwatanta yawan raguwar. Wanda gyambonsa ya ragu saura kamar ƙwayar wake da wanda nasa bai motsa ba, a ƙirgar yanzu duk "bai warke ba" ne, awo kuwa yana raba su, shi ya sa galibi yake buƙatar mutane kaɗan. Lissafinsa daban ne, sai kin samo yadda raguwar ke warwatse tsakanin marasa lafiya. Ko kuma ki bar mutum 80 ɗin ki kira shi da sunansa, gwajin share fage, manufarsa a gano nawa ke yarda su shiga, nawa ke ɓacewa, nawa ke warkewa, ba a yanke hukuncin wanne ya fi ba.

Dakta Nura: Ta ukun nan ina shakka masu jarrabawa su karɓa, suna son su ga p. Ta farko kuma izinin kwamitin ɗa'a na kowane asibiti kaɗai zai cinye mata wata uku

Sista Rabi: Awon ma ba wasa ba ne Dakta, in ni na auna da rula wata ta auna gobe ba za mu samu lamba ɗaya ba, sai dai a ɗora leda mai haske a zana bakin gyambon a ƙirga a takardar giraf, kuma mai ƙirgawar kada ya san wanne aka sa wa zuma. Mu masu diresin kam za mu sani, ƙamshinta ba ya ɓuya

Dakta Zainab: Na gode ƙwarai dukanku. Gobe zan kai wa sufabaiza teburin 76, 121 da 152 da lissafin watannin, in tambaye shi ko zai yarda raguwar faɗi ta zama babban abin aunawa, warkewa a sati 12 ta zama ta biyu. Malam in ya yarda, ina zan samo warwatsuwar da ka ce tunda rijistarmu ba a rubuta faɗin gyambo?

Malam Bala: Ki fara da pepar da aka auna gyambo irin naku a sati huɗu, ki duba lambar da aka rubuta SD kusa da raguwar. In babu mai kama da marasa lafiyarku, ku fara zanawa ke da ma'aikatan ɗakin diresin daga wannan satin a kan masu zuwa yanzu, ko mutum 20 ne zuwa 30, ki turo min lambobin ba tare da sunaye ba mu lissafa tare.

Auwal: Malam to namu da muka yi da 384 muna kwatanta maza da mata fa, ya lalace ke nan?

Malam Bala: Ba lallai ba. Turo min maza nawa mata nawa da kason kowanne in gani.